Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gaisuwar da na kasa amsawa

Makon jiya na tsaya inda likita ta ce jinina ya hau, in riƙa tafiya da ɗan sauri minti 150 a mako. Ɗan sauri fa, amma saurin wa? Agogon nan mai ƙirga bugun zuciya ba ni da shi, kuɗinsa ma sai a hankali.

Ranar farko a filin sukuwa na Kano, na zuba da gudu kamar an biyo ni bashi. Ban cika minti huɗu ba na dafe gwiwa ina haki. Wani dattijo, tsohon malamin wasanni, ya tsaya kusa da ni.

"Ina kwana, samari?"

"La... fiya... Baba."

Ya yi dariya. "Ka wuce gona da iri, yaro. Taso mu taka tare."

Muna tafe yana ja na da gaisuwa: ya gida, ya iyali, ya kasuwa? Ashe awo yake yi. Ya ce muddin ina iya amsawa da cikakkiyar magana, ina ɗan jan numfashi tsakanin jimla da jimla, amma waƙa ba za ta yiwu ba, to ina matsakaici, inda likita take nufi. In waƙa ta fito sumul, yawo nake yi. In kalma biyu ko uku ce ke fita kafin in nemi iska, na shiga mai tsanani. Dalili kuwa, da aiki ya yi nauyi jiki yana gaggawar fitar da gurɓatacciyar iskar da ta taru, ita kuma magana sai an ja fitar numfashi a hankali. Dole ɗaya ta haƙura.

Sai ya ƙara mini ma'auni na biyu. Zama kan tabarma sifili ne, gudun ceton rai goma. "Yanzu nawa kake ji?" Na ce uku, don kada a raina ni. Ya ce in ƙirga daga ɗaya zuwa ashirin da ƙarfi. Sau huɗu na yanke. "Bakwai ke nan. Sauko biyar ko shida."

Daga baya na gane lambar ba ta bin saurin ƙafa. Takun da ya zama biyar da sanyin asuba a Janairu, shi ya koma bakwai da zafin Afrilu, haka ma ranar da ban yi barci sosai ba. Likita ma ta ce ƙwayar da ta ba ni tana rage bugun zuciya, don haka ko da agogon ne, zai nuna ƙasa da wahalar da nake sha. Ta dai ja kunnena: ciwon ƙirji ko jiri ba a sa musu lamba, tsayawa ake yi a zo asibiti.

Wata uku muna haka, sai ran nan na zo filin ban tarar da Baba ba. Wannan sai mako mai zuwa.