Koren kyandir ba shi ne riba ba

Ƙaramin kamfani nake da shi, aikinmu shi ne bin farashin hannayen jari da rubuta wa masu zuba kuɗi rahoton abin da ya faru a kasuwa bayan an tashi. Duk wanda ya zo koyon aiki a wurina, ba na barin sa ya haddace sunayen siffofin kyandir, wato zanen da ke nuna motsin farashi a jadawali, sai ya iya karanta kyandir guda ɗaya tak, daga sama har ƙasa.

Kowane kyandir a jadawali lambobi huɗu yake ɗauke da su: farashin buɗewa, mafi tsada da aka kai, mafi araha da aka sauka, da farashin rufewa. A allo za ka gan su da haruffan O, H, L, C. Jikin kyandir, wato wurin mai kauri, shi ne tazarar da ke tsakanin buɗewa da rufewa. Siririn layin da ya fito sama da ƙasa kuwa lagwani ne, yana nuna inda farashi ya je amma bai zauna ba. 'Yan kasuwar shinkafa na Japan aka gada wannan zane daga wurinsu, kuma har yau lambobin nan huɗu ne dai.

Inda sababbin shiga suka fi faɗawa shi ne launi. Da zarar sun ga kore sai su rubuta cewa hannun jarin ya tashi. Bari in kawo misalin da nake ba su. Jiya an rufe a 110. Yau an buɗe a 100, an hau har 108, an sauka har 98, aka rufe a 102. Kyandir ɗin yau kore ne, domin 102 ya fi 100. Amma wanda ya kwana da hannun jarin nan a hannunsa ya yi asarar 8 a kan kowane ɗaya. Launi a mafi yawan manhajoji yana gwada rufewar yau da buɗewar yau ne kawai, babu ruwansa da jiya. Wannan giɓin da ke tsakanin 110 da 100 ba ya cikin jikin kowane kyandir, sai ka ɗora idonka kan biyun tare za ka gan shi. Kuma a kasuwannin China ja ne alamar tashi, kore na faɗuwa, don haka ko launin ma sai ka duba yadda aka saita shi.

Sai mu auna kyandir ɗin kansa. Daga 98 zuwa 108 tazarar 10 ce. Jiki ya ci 2 kacal, lagwanin ƙasa 2, lagwanin sama kuma 6. Wannan dogon lagwanin na sama shi ne labarin ranar: masu saye sun tura farashi har ya kusa cike giɓin, masu sayarwa suka danne shi ya dawo ƙasa da tsakiyar tazarar. Idan yaron da nake koya wa ya rubuta "an samu ƙarfi" a kan irin wannan, nakan mayar masa da takardar. Abin da ya faru shi ne an gwada farfaɗowa ba a yi nasara ba, kuma haka ya kamata mai kuɗin ya ji.

Akwai abin da kyandir ba zai gaya maka ba, kuma ina so ma'aikatana su san iyakarsa. Ba ya nuna wanne ya riga, hawa 108 ko sauka 98. Mai yiwuwa an faɗi da safe aka hau da rana sannan aka zame, mai yiwuwa kuma an fara hawa aka faɗi har 98 sannan aka ɗan farfaɗo dab da rufewa. Zanen iri ɗaya ne, ma'anar ta bambanta. Maganinsa shi ne ka sauya jadawalin daga 1D, wato na yini guda, zuwa 1H, kyandir ɗaya ya rabu zuwa na awa-awa, ka ga yadda aka jera. Haka nan ba ya nuna yawan cinikin da aka yi. A hannun jarin da ba a cika saye ba, ciniki ɗaya ƙarami yana iya zana dogon lagwani, shi ya sa nake duba sandunan yawan ciniki da ke ƙasan jadawalin kafin in yarda da shi.

Shi ma giɓin sai an binciki dalilinsa. Ranar da haƙƙin karɓar ribar da kamfani zai raba ya fita daga kan hannun jari, farashi kan buɗe ƙasa da kimanin adadin ribar, ba don wani mugun labari ba. Idan kuma an raba hannun jari ɗaya gida biyu, jadawalin da ba a daidaita ba zai nuna kamar farashi ya faɗi rabi. Saboda haka kafin mu rubuta komai a kan giɓi, sai mun duba sanarwar kamfanin.

Doka ɗaya ce ba na sassautawa a kanta: ba a fassara kyandir ɗin da bai rufe ba. Da tsakar rana, lokacin da farashin nan yake 107, kyandir ɗin dogo ne kore mai ƙaramin lagwani, duk wanda ya gani zai ce masu saye sun ci ranar. Rahotonmu ba ya fita sai harafin C ya daina motsi.