Saƙo mai arha, ciniki mai tsada: yadda na gwada tallan kilishin Kawu a Yamai

Kawuna yana da rumfar kilishi a gefen Wadata, kuma ni ke riƙe masa shafinsa na Facebook da lambar WhatsApp ta ciniki. Ana saura mako guda Ƙaramar Salla na lallashe shi ya ba ni jika 60 mu yi talla. Na ɗauki hoton da ya fi kyau, na danna maɓallin Booster la publication, na zuba kuɗin duka a kwana huɗu. Waya ba ta huta ba, saƙo sama da 300 ya shigo. Da muka zauna lissafi bayan Salla, mutum 17 ne suka sayi kilishi. Kawu bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi: "Ɗana, mutanen nan gaisuwa suka zo yi ko ciniki?" Maganar ta tsaya mini a rai, domin kuɗin ba nawa ba ne, kuma na san zafin ranar da ake sha kafin a same su.

Abin da ya kamata in fara yi tun farko, sai bayan asarar na yi shi. Na zauna da Kawu muka fitar da ribar ciniki ɗaya. Yawancin masu saye ta waya na jika 5 suke ɗauka. Idan aka cire kuɗin nama, da labu, da yaji, da itace, da leda, da ladan yaran aiki, abin da ke saura bai wuce sefa 1,500 ba. Kuɗin kai kaya mai saye ke biya. Wannan 1,500 ita ce katangarmu: duk tallan da zai ci fiye da haka kafin ya kawo mai saye ɗaya, asara yake kawowa, komai yawan masu danna shi. Tallan Salla ya ci kusan 3,500 a kan kowane mai saye.

Da ƙyar na samu ya sake ba ni jika 42, na yi masa alkawari wannan karon ba ciniki zan nema da su ba, amsa zan nema. Na bar maɓallin nan na shiga Gestionnaire de publicités, inda ake iya raba komai. Na buɗe rukunin talla uku, abin da allo ke kira Ensemble de publicités, kowanne da kasafinsa na kansa, jika 2 a rana har kwana 7. Asusuna da yuro yake lissafi, kuma tun da yuro 1 sefa 655.957 ne ba ya motsi, yuro 3 a rana ya zo kusan daidai da abin da nake so. Mutanen da za su gani iri ɗaya ne a duka ukun: mazauna Yamai, maza da mata, shekara 25 zuwa 55. Abin da za su gani kaɗai na bambanta. Na farko hoton kilishi a faranti, babu farashi. Na biyu hoton nan dai, amma an rubuta farashi ɓaro-ɓaro a kansa. Na uku bidiyo na daƙiƙa 20, hannun Kawu yana shafa labu a kan nama da aka shanya, muryarsa da Hausa tana faɗin farashin. Tsakanin na farko da na biyu farashi ne kawai ya bambanta, tsakanin na biyu da na uku kuwa hoto ne da bidiyo. Idan mutum ya sauya hoto da rubutu da mutane a lokaci guda, ko ya ga bambanci ba zai san daga ina ya fito ba.

Akwai dalilin da ya sa ban zuba su uku a rukuni ɗaya ba. In suna tare, Facebook ba ya raba kuɗin daidai. Wanda ya fara kawo saƙo da arha a kwana ɗaya ko biyu na farko shi zai tura wa mafi yawan kuɗin, sauran su zauna ba a gan su ba, kai kuma ka ce ka gwada. Na kuma yi amfani da Test A/B, wanda ke raba mutane gida-gida don wanda ya ga na farko kada ya ga na biyu. A gari kamar Yamai, inda masu saye ta waya ba su da yawa can, wannan rabon yana da amfani ƙwarai.

Sai babban aikin, wanda ba a allo ake yinsa ba. Facebook yana ganin mutum ya danna ya turo saƙo, daga nan idonsa ya rufe. Ba ya ganin ɗan kabu-kabu ya kai leda Yantala ya karɓo jika 5 a hannu. Don haka na ba kowane talla jimlarsa ta buɗe hira daban, wadda ke fitowa a rubuce da zarar mutum ya danna, na kuma sayi littafi mai layi na raba shafi gida uku. Duk wanda ya biya kuɗi, in duba farkon hirarsa in ja masa layi a gidan da ya fito. Wasu sukan goge jimlar su turo murya, amma ko su ɗin akan ga alamar tallan da ya kawo su a saman hirar. Wanda ya ce "zan kira ka anjima" ba ya samun layi.

A kwana na uku na kusa ɓata aikin. Allo yana nuna na farko yana kawo saƙo a sefa 150, na biyu kuwa sama da 300. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi in kashe na biyun in ceci kuɗin Kawu. Abu biyu suka hana ni. Na ɗaya, kwana uku ba mako ba ne: ban ga Juma'a ba, ban ga Asabar da Lahadi ba, kuma cinikin kilishi yana bin waɗannan ranakun. Na biyu, sabon rukuni yakan fara ne da zangon da Facebook ke lalube, ana ganin kalmar Apprentissage a gefensa, kuma a ƙa'idarsu yana buƙatar sakamako wajen 50 cikin kwana 7 kafin ya daidaita. Babban gyara, kamar sauya hoto ko mutanen da ake nufi, yana mayar da laluben farko. Sai na ɗaure na bar su.

Ga abin da littafi ya nuna da mako ya cika, kowanne ya ci jika 14. Hoto marar farashi ya kawo saƙo 93, masu saye 6, wato kowane mai saye ya tashi a kusan 2,330. Hoto mai farashi ya kawo saƙo 41 kacal, amma masu saye 13, kowanne a kusan 1,080. Bidiyo ya kawo saƙo 52, masu saye 15, kowanne a kusan 930. Wanda allo ya ba na ɗaya shi ne littafi ya ba na ƙarshe. Da na koma na karanta hirarrakin, dalilin a fili yake. Mafi yawan saƙonnin na farko kalma biyu ce, "nawa ne?", a faɗa masa ya yi shiru. Farashin da ke kan hoto yana tankaɗe mutane tun kafin su danna, wanda ya iso ya riga ya amince da kuɗin a ransa. Saƙon ya yi tsada saboda marasa niyya sun ragu.

Nan ma akwai wurin zamewa. Na so in ce bidiyo ya ci, tun da 15 ta fi 13. Amma ƙidaya ƙarama tana rawa da kanta: inda aka samu 15 a wannan makon, ba tare da an taɓa komai ba ana iya samun 11 ko 19 a mako mai zuwa. Tazarar mutum biyu tana cikin wannan rawar, don haka gwajin bai raba mini na biyu da na uku ba. Abin da ya raba shi ne na farko da sauran. Ko da sa'a ta ƙara masa mutum uku ya kai 9, mai saye zai tashi a 1,556, har yanzu bayan katanga yake. Na kashe shi, na ci gaba da bidiyon, na ajiye hoto mai farashi don ranar da ido zai gaji da bidiyo.

Gwaji na gaba, na su wa za a nuna wa tallan, bai ɗauki dogon tunani ba. Bidiyo ɗaya, rukuni biyu, jika 14 kowanne: ɗaya Yamai a buɗe, ɗayan na taƙaita shi ga masu sha'awar girki da tafiye-tafiye, don na yi zaton matafiya masu neman tsaraba za su fi saye. Buɗaɗɗen ya kawo masu saye 14, taƙaitaccen 8, kuma lambar Répétition, wato sau nawa mutum ɗaya ya ga tallan, ta haura 3 a taƙaitaccen cikin mako guda. Mutanen sun yi kaɗan, su ɗin dai ake ta maimaita wa.

Da Kawu ya ga littafin, sai ya ce: "To ninka kuɗin sau goma mana, mu ga ɗari da hamsin." Na ce: "Kawu, ku yi haƙuri mu hau a hankali, waɗanda suka fi sauƙin saye su ake fara samu." Na riƙa ƙara kashi 20 cikin ɗari duk bayan kwana uku. Wannan al'ada ce ta masu aikin, don kada babban ƙari ya dagula abin da ya riga ya daidaita. Mataki biyar suka kai mu jika 5 a rana, a nan na tsaya mako guda: jika 35 suka kawo masu saye 31, kowanne a kusan 1,130. Muka ci gaba har jika 8 a rana, na sake tsayawa mako guda: jika 56, masu saye 41, kowanne a kusan 1,370.

Kallon farko, 1,370 tana ƙasa da 1,500, sai mutum ya ce a ci gaba. Da na cire makon jika 5 daga makon jika 8 sai lissafi ya juya. Ƙarin jika 21 mutum 10 kawai ya ƙaro, wato kowane ɗaya daga cikin sababbin nan ya ci 2,100. Ribar da 31 ɗin farko suke kawowa ce take rufe asarar da ake yi a kan goman. Akwai kuma abin da na gani da idona a makon nan: saƙo ya yi yawa, wani sai ya jira awa biyu kafin in amsa, kafin nan ya sayi nasa a wani wuri ko kwaɗayin ya wuce. Wani zai ce ai mai saye yana dawowa, 2,100 ba asara ba ce. Gaskiya ne wasu suna dawowa, amma a lokacin ban ƙidaya su ba, kuma ba zan ɗora kuɗin Kawu a kan abin da babu layinsa a littafi ba.

Na mayar da kasafin jika 5 a rana. Na ƙara gida na huɗu a shafin littafin don masu dawowa karo na biyu, kuma duk wata ina ware jika 14 in gwada sabon bidiyo ɗaya kusa da tsohon. Na wannan watan ranar Asabar muka ɗauka, Kawu yana ɗaga kilishi daga kan wuta, an kuma rubuta farashin tun daƙiƙar farko.