Yadda na tsara wa ƙanwata insha'i kan musabbabin yaƙin basasa

Tambayar da aka ba su a kwas ɗin tarihi layi ɗaya ce: me ya jawo yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970? Kalma ɗari shida lakcara ya ce, ita kuma ƙanwata ta cika shafi huɗu, ta faro daga zuwan Lugga ta gangaro har ranar da Biyafara ta miƙa wuya, duk abin da ta rubuta gaskiya ne amma babu inda ta amsa tambayar, labari kawai ta bayar. Da ta kawo min na ce ta ajiye shi gefe, mu ɗauko farar takarda guda mu ja layi biyu, ta rabu gida uku: gabatarwa, gundarin bayani, kammalawa.

Abin da na hana ta shi ne fara cika gidan farko. Na ce sai ta gaya min amsarta da baki tukuna, a jimla ɗaya. Ta ce "Yaya ai dalilan suna da yawa." To wannan ba amsa ba ce, kowane yaƙi a duniya dalilansa na da yawa. Sai muka zube duk abin da ta sani a bayan takardar ba tsari: haɗe Kudu da Arewa a 1914, yankuna uku kowanne da jam'iyyarsa, rikicin ƙidaya na 1962 da 1963, zaɓen 1964, juyin mulkin 15 ga Janairun 1966, dokar soja mai lamba 34, juyin mulkin 29 ga Yuli, kashe-kashen da aka yi wa 'yan ƙabilar Ibo a Arewa, taron Aburi, jihohi goma sha biyu, man fetur. Kowanne na sa ta yi masa tambaya ɗaya: wannan abin tun yaushe yake nan, kuma me ya sa bai kawo yaƙi ba tun lokacin?

Nan ne fa aikin ya buɗe. Gabar yankuna tsohuwa ce, ko a 1953 an yi tarzoma a Kano kan maganar lokacin karɓar 'yanci, amma ba a yi yaƙi ba, an zauna a haka har 1960 aka wuce. Kenan ita kaɗai ba ta isa ba, tana bayyana dalilin da ƙasar ke da rauni ne, ba ta bayyana dalilin da ya sa aka ɗau bindiga a 1967 ba. Da ta gane wannan sai jimlarta ta fito da kanta: tsarin yankuna ya raunana ƙasar, jinin da aka zubar a 1966 ya kashe yarda tsakanin ɓangarorin har cikin soja, rushewar sulhu a 1967 kuma ta rufe ƙofar da ta rage. Wannan jimlar muka sa a gidan gabatarwa, da layi ɗaya a samanta na ranar da aka fara harbi, 6 ga Yulin 1967. Shi kenan. Kalma tamanin na ba wa gidan, ban yarda da irin buɗewar nan ta "tun fil azal ɗan Adam yake yaƙi" ba, cin wuri ne kawai.

Gidan tsakiya shi ya fi cin lokaci, sakin layi uku, kowanne wajen kalma ɗari da hamsin. A kan takardar kowane sakin layi abu uku kawai na yarda ta rubuta masa: iƙirarin, hujja biyu masu kwanan wata, sai jimlar da ta fara da "saboda haka". Wannan ta ƙarshen ita ce ma'aunin, in ka kasa rubuta "saboda haka" a ƙasan wani abu to ba dalili ka kawo ba, aukuwa ce kawai ka lissafa.

Ga yadda na biyun ya kasance, don shi ne ƙashin bayan insha'in. Iƙirari: a 1966 kowane ɓangare ya daina yarda zai tsira a hannun ɗayan. Hujja ta farko, juyin mulkin Janairu da su Manjo Nzeogwu suka yi ya ci Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Akintola da manyan hafsoshin Arewa irin su Birgediya Maimalari, Janar Ironsi ya hau, bai gurfanar da waɗanda suka yi ba, sannan a watan Mayu ya fito da doka ta 34 da ta soke tsarin tarayya, Arewa ta ɗauke shi a matsayin shirin mamaya. Hujja ta biyu, a Yuli sojojin Arewa suka mayar da martani, aka kashe Ironsi da hafsoshin Ibo da yawa, Gowon ya hau, a Satumba da Oktoba aka kashe dubban 'yan Gabas a garuruwan Arewa, sauran suka kwashe suka koma gida. Saboda haka zuwa ƙarshen shekarar soja ya riga ya rabu bisa yanki, Ojukwu, gwamnan soja na Gabas, bai yarda da shugabancin Gowon ba, mutanen Gabas kuma suna ganin ballewa ce kariyarsu.

A nan sai da muka ɗan yi gardama. Ita ta so ta rubuta "Ibo suka kashe shugabanninmu" ta wuce, kashe-kashen Satumba kuma ta ba su rabin layi. Na ce a'a, a takardar tarihi sunan wanda ya yi ake kira, wasu manjoji ne suka yi ba ƙabila ba, haka ma ɗaya ɓangaren, kuma in ta taƙaita jinin wani gefe to "saboda haka" ɗinta ba za ta tsaya ba, don mai karatu ba zai gane me ya tura mutane ballewa ba. Ba ma maganar adalci kaɗai ba ce, hujjar ce ke gurguncewa.

Sakin layi na uku bai ba mu wuya ba. An zauna a Aburi ta ƙasar Gana ranar 4 da 5 ga Janairun 1967, aka dawo kowa da fassararsa, Ojukwu na cewa an amince yankuna su riƙe kusan duk iko, gwamnatin Gowon a Legas na cewa ba haka ba. Ranar 27 ga Mayu Gowon ya ƙirƙiro jihohi goma sha biyu, Gabas ta rabu uku, Fatakwal da yawancin rijiyoyin mai suka fita daga jihar da Ibo suka fi yawa, ranar 30 ga Mayu Ojukwu ya ayyana Biyafara. Man fetur a nan muka saka shi, don a nan ne yake aiki a cikin hujjar, ya sa babu ɓangaren da zai iya haƙura da yankin. Ƙidaya da zaɓen 1964 suka tafi sakin layi na farko. Haɗewar 1914 jimla ɗaya ta samu, duk abin da ya faru bayan 6 ga Yuli kuma muka soke shi, yunwa da faɗuwar Inugu da sauransu, abin da ya biyo bayan fara yaƙi ba zai zama musabbabinsa ba.

Gidan kammalawa kalma saba'in, kuma doka ɗaya na sa masa: ba sabon suna, ba sabuwar shekara. Aikinsa ya auna, cikin ukun wanne ya fi nauyi. Ita ta zaɓi 1966, dalilinta shi ne na farkon an zauna da shi shekaru ba yaƙi, na ukun kuma da wuya sulhu ya rushe haka da a ce akwai sauran yarda. Ni da na ɗan ƙara wa Aburi nauyi, amma insha'inta ne, kuma dalilinta ya tsaya da ƙafarsa, sai na bar ta da shi. Da ta zo rubutawa sakin layi na biyu ya kai kusan kalma ɗari biyu, sai ta rage na farko ta cire zaɓen 1964 ta bar ƙidaya kaɗai.