Idan samfur ya fi ƙarfin na'ura: yadda muke sirki mataki-mataki

Ina da ƙaramin ɗakin gwajin ruwa, mu huɗu ne a ciki, kuma yawancin abin da ake kawo mana ruwan sha ne da ruwan da masana'antu ke zubarwa. Na sha ba ya cika ba mu wahala. Na masana'antu ne ke zuwa da sinadarin da ya wuce iyakar abin da na'urarmu za ta iya aunawa, kuma a kansa nake gane ko sabon ma'aikaci ya kama aikin ko da saura.

Zan ɗauki gwajin fosfet, domin shi muka fi yi. Ana zuba wa samfur sinadarin gwaji mai molibdet da asid askobik, ruwan ya koma shuɗi, a jira tsakanin minti 10 zuwa 30, sannan a auna ƙarfin launin a sifektirofotomita, na'urar da ke auna yawan hasken da ruwa ya sha, da haske mai tsawon zango nanomita 880. Kafin nan mun riga mun auna ruwayen da muka san adadin fosfet ɗinsu, daga 0.10 zuwa 1.20 mg/L, wato miligiram a kowace lita, mun zana layin awo da su. Wannan tazara ita ce iyakarmu. A cikinta, idan fosfet ya ninka, launi ma ya ninka. A wajenta ba mu da shaidar komai.

Abin da ke sa layin ya lanƙwashe a sama abu biyu ne. Sinadarin gwajin da aka zuba yana da iyaka, idan fosfet ya yi masa yawa sai ya ƙare, ragowar fosfet ɗin ya zauna babu launi. Sannan ita kanta na'urar hasken da ya ratsa ruwan take aunawa, kuma idan awon shan haske ya kai 2, kashi ɗaya cikin ɗari na hasken kaɗai ke fita. Daga nan sama kusan a duhu take lalube. Wasu na'urori suna rubuta `Over range` su yi shiru, kuma na fi son waɗannan. Tsohuwar na'urarmu lamba take bayarwa ko da ta wuce iyaka, lambar kuma tana kama da ta gaskiya.

Wata rana aka kawo mana ruwa daga wurin da ake wanke ƙarfe kafin a yi masa fenti. Muka tace shi da matatar maikiron 0.45, tunda narkakken fosfet ake nema, yaron da nake koya wa aiki ya zuba sinadari, ruwan ya yi shuɗi kamar tawada. Na'ura ta ce 3.9 mg/L. Ya zo ya same ni ya ce, "Maigida, ya ɗan wuce layi, in ƙara wa wannan ruwa in sake aunawa?" Na ce masa a'a, wanda aka riga aka zuba wa sinadari ya gama aikinsa, a zubar. Ɗanyen samfur ake sirkawa, sannan a zuba wa sirkakken sinadari sabo. Idan ka sirka mai launi, launin da ya samu kawai ka raba, fosfet ɗin da bai sami sinadari ba yana nan ba a ƙirga shi ba.

Tunda ba mu san ko ninki biyar ya wuce iyaka ko ninki ɗari biyar ba, sai muka jera filas uku masu cin mililita 100, muka rubuta wa kowanne lambarsa tun kafin a taɓa ruwa: 10, 100, 1000. Da fifet, siririn bututun ɗibar ruwa daidai awo, ya ɗebi mililita 10 na samfur ya zuba a na farko, ya ƙara tataccen ruwa zalla na sirki har ƙasan lanƙwasar ruwan ta zauna daidai kan zanen wuyan filas, idonsa a saitin zanen. Ya toshe, ya kifa filas ya miƙar da shi sau goma sha biyar. Daga wannan ya ɗebi mililita 10 da wani fifet mai tsabta ya zuba a na biyu, ya cika zuwa zane, ya gauraya. Daga na biyu kuma ya yi na uku.

Lissafin ninkin sirki bai wuce wannan ba:

ninkin sirki = jimillar ruwa bayan sirki ÷ adadin samfurin da aka ɗiba

A kowane filas 100 ÷ 10 ne, wato 10. Matakan kuma ninka juna suke yi, ba tara su ake yi ba. Filas na biyu 10 × 10 ne, 100. Na uku 10 × 10 × 10 ne, 1000. Na taɓa ganin an rubuta 20 a jikin filas na biyu, don haka ba na ɗaukar cewa kowa ya san wannan.

Filas na farko ya ba da 3.6 mg/L. A nan na tsayar da yaron na ce ya dubi lambobin biyu. An sirka ruwa sau goma, amma awo ya sauko daga 3.9 zuwa 3.6 kacal. Da a ce 3.9 gaskiya ce, da 0.39 muka gani. Lambar da ta ƙi saukowa daidai da sirkin da aka yi alama ce cewa na'ura ta kai maƙura, kuma duka biyun na zubarwa ne. Wanda ya ɗauki 3.6 ya ninka da 10 ya rubuta 36 ya yi lissafi daidai a kan awon da ba shi da tushe.

Filas na biyu ya ba da 0.84, a cikin layinmu sosai. 0.84 × 100 ya zama 84 mg/L. Na uku ya ba da 0.09, ƙasa da mafi ƙanƙantar ma'auninmu na 0.10, saboda haka ba mu yi aiki da shi ba duk da cewa 90 ba ta yi nisa da 84 ba. A can ƙasan, bambancin 0.01 kaɗai yana zama 10 mg/L idan aka ninka da 1000. Ƙa'idata ita ce in ɗauki sirki mafi ƙanƙanta da ya faɗo cikin layi, an fi so wajen tsakiyarsa.

Amma awo guda ba ya isa ta in sa hannu. Na sa ya ɗebi mililita 50 daga filas na biyu ya cika zuwa 100. Wannan matakin ninkinsa 2 ne, jimilla 100 × 2, wato 200. Ya ba da 0.43, wanda ya zama 86 mg/L. Tsakanin 84 da 86 bambancin bai kai kashi uku cikin ɗari ba, a ɗakina kuwa muna karɓar sirki biyu idan ba su saɓa da fiye da kashi goma ba. Muka rubuta 84 mg/L, tare da ninkin sirki 100 a gefensa. Ba na yarda a rubuta 84.00, domin 0.84 lambobi biyu ne masu ma'ana, kuma ninkawa da ɗari ba ta ƙara wa awo daidaito.

Kuskuren da ya fi cin mana rai a wannan aikin yana ɓoye ne a cikin rubutun 1:10. Wasu suna nufin kashi ɗaya a cikin jimillar kashi goma, wasu kuma kashi ɗaya na samfur da kashi goma na ruwa. Na biyun jimillarsa kashi 11 ne, ninkinsa ma 11. A farkon buɗe ɗakin nan wani ma'aikacina ya auna mililita 100 na ruwa a silinda ya zuba a kan mililita 10 na samfur, sau biyu a jere, ya ninka sakamakon da 100. Ainihin ninkin 11 × 11 ne, 121. A ce samfurin nan mai 84 ne aka yi wa haka, na'ura za ta nuna kusan 0.69, a rubuta 69 mg/L, an rage kashi 17 cikin ɗari, kuma babu abin da zai nuna a fuskar takarda. Mun gane ne da na sake gwajin da hannuna sakamako ya ƙi haɗuwa, na ce ya nuna mini yadda ya yi. Dole muka kira mai samfurin muka janye rahoton. Tun daga ranar na hana rubuta 1:10 a littafin aikinmu. Abin da ake rubutawa shi ne mililita nawa aka ɗiba, aka cika zuwa mililita nawa.

Akan tambaye ni me ya sa ba a ɗebi mililita 0.1 a cika zuwa 100 a huta ba. Fifet mai daraja ta ɗaya na mililita 10 kuskurensa bai wuce mililita 0.02 ba, kashi 0.2 cikin ɗari ke nan. Wannan ɗan adadin, wanda bai kai ɗigo guda ba, idan ya maƙale a bakin fifet lokacin ɗibar 0.1, kashi 20 cikin ɗari ya tafi. Sai dai kowane mataki ma yana zuwa da nasa kuskuren yana miƙa wa na gaba, shi ya sa ba na ƙara mataki don ado. Idan samfur daga wuri ɗaya ya dawo kuma na san inda zai faɗa, matakan da ake bukata kawai muke yi.

Rashin gaurayawa ma yana cin mutane. Ruwan masana'anta sau da yawa ya fi tataccen ruwa nauyi, sai ya kwanta a gindin filas. Wanda ya girgiza sau biyu ya ɗiba daga sama, ruwa kusan zalla ya ɗiba, kuma duk filas ɗin da ke gaba za su fito ƙasa da gaskiya. Amfani da fifet ɗaya daga samfur mai ƙarfi zuwa sirkakke kuma akasin haka yake yi, yana ɗaga sakamako. Alamar duka biyun ɗaya ce, sirki biyu su ƙi haɗuwa bayan an ninka kowanne da nasa.

Ruwan sirkin kansa ba na amince masa sai na auna. Fosfet yana manne wa gilashi, kuma wasu sabulan wanki suna ɗauke da shi, saboda haka kayan wannan gwajin daban muke ajiye su, da sirkakken asid haidirokulorik muke wanke su. Idan ruwan sirki ko filas ya ƙara 0.02 mg/L, a ninkin 100 ya zama 2 mg/L na ƙarya, a ninkin 1000 ya zama 20. Don haka kowane jeri yana tafiya da filas guda na ruwan sirki zalla, a zuba masa sinadari kamar sauran, a auna shi tare da su.

Kafin rahoto ya fita ina duba abu na ƙarshe a jikin na'ura. Sabuwar da muka saya tana da wurin shigar da ninkin sirki, ta ninka da kanta. Idan ma'aikaci ya shigar da 100 a can, ya zo kuma ya ninka a littafi, 84 za ta koma 8,400. Idan kuma ya manta bai mayar da ita 1 ba, samfurin da ke biye, wanda ba a sirka ba, shi ma zai fito ninki ɗari. Mun bar ta a kan 1 kullum, ninkawar a littafi ake yin ta, a layi ɗaya da ɗanyen awon da adadin mililitocin, sannan mutum na biyu ya sake lissafin ya sa hannu a gefe.