Inbois ɗin da ake tsallakewa

Litinin, ranar duba basussuka. Na ji daɗin safiyar, domin alat biyu sun shigo tun kafin in gama shan shayi, masu ƙananan shagunan Kurna duk sun cika alkawari.

Teburin nawa kun san shi. Kowane inbois da layinsa: lambarsa, ranar da aka fitar da kaya, ranar cikar wa'adi, da abin da ya rage ba a biya ba. Mu sati biyu muke bai wa 'yan sari, saboda haka daga ranar cikar wa'adi nake fara ƙirga, ba daga ranar da kaya suka bar sito ba. A Excel, ranar wa'adin tana layin E:

```
=MAX(0,TODAY()-E2)
```

Daga nan kowane bashi ya faɗa gidansa: wanda bai kai wa'adi ba, kwana 1 zuwa 30, 31 zuwa 60, 61 zuwa 90, sai wanda ya haura 90. Na gidan 1 zuwa 30 saƙon tuni ya ishe shi. Na 31 zuwa 60 sai na kira a waya. Daga 61 kuwa ja nake shafa masa in kai wa Alhaji, don a dakatar da ba da sabon kaya.

Jan yau na mutumin Haɗeja ne, kuma shi ya hana ni sukuni. Muna binsa naira 2,400,000, a inbois uku. Na 900,000 bai kai wa'adi ba, na 650,000 ya wuce da kwana 12, na 850,000 kuma ya wuce da kwana 74.

Da na shiga da takardar, Alhaji ko kallonta bai gama yi ba ya ce, "Malam, wannan ai mutumin kirki ne. Duk sati sai ya turo kuɗi. Bashinsa kullum a nan yake tsayawa, bai taɓa hawa ba."

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe, jimillar ba ta hawa. Amma duba yadda yake biya. Kowace tiransifa yana rubuta lambar inbois ɗin da ya biya, ya biya na gabansa, ya biya na bayansa, na 850,000 ɗin nan kaɗai yake tsallakewa. Wanda kuɗi suka yanke masa yakan yi jinkiri a kan duka ne, ko ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Wanda ya zaɓi guda ya ƙi taɓawa, akwai abin da ke ransa."

Sai ya ce to in riƙa ɗora duk kuɗin da ya turo a kan mafi tsufa, jan ya goge. Wannan maganar ce ta tsaya min a rai har yanzu. In na yi haka teburin zai yi tas, amma littafinmu da nasa sun raba hanya ke nan. Shi a wurinsa ya biya sababbin, mu a wurinmu ya biya tsohon, ranar da aka zauna lissafi kowa da gaskiyarsa a hannu. Ɗora kuɗi kan mafi tsufa daidai ne idan mutum ya turo bai faɗi na wane ba ne. Wanda ya faɗa, ba ni da hurumin canja masa.

Alhaji ya yi shiru, ya ce in nemo dalili.

A sito na samo shi, cikin fayil ɗin webil. Katan 100 na sabulu, kowane 8,500. A ƙasan takardar yaron shagonsa ya sa hannu, ya rubuta cewa katan 10 sun jiƙe. Direba ya tabbatar ruwa ya kama su a hanya, kuma ya maido su sito a ranar. Maganar dai ba ta iso ofis ba, inbois ya ci gaba da cewa katan 100. Wato saboda 85,000 muka bar 850,000 a waje sama da wata biyu, alhali kamfanin da ke ba mu kaya ba ya jiran kowa.

Na kira mutumin Haɗejan bayan la'asar. Bai ɓoye ba, ya ce, "Malam, ni jira nake ku gyara takardarku, ba zan biya kayan da ban karɓa ba." Muka tsayar zan tura masa takardar ragin 85,000, shi kuma ya turo 765,000 ranar Alhamis. Alhaji ya sa hannu kafin ya fita.

Abin da ke damuna, akwai inbois huɗu a gidan 31 zuwa 60 da ban ga webil ɗinsu ba tukuna. Gobe da su zan fara, kuma zan roƙi mai sito duk webil ɗin da aka yi rubutu a kansa ya riƙa kawo min a ranar.

Wuta ba ta dawo ba. Maman yara ta ce gas ya kusa ƙarewa.