Yadda muke ɗaukar samfurin ƙasar gona a Jos

Ƙasar saman hekta ɗaya, zurfin santimita 20, ta haura tan 2,000 a nauyi. Abin da ke isa ɗakin gwaji rabin kilo ne, a cikinsa ma 'yan cokula za a ɗiba. Shi ya sa a wurinmu aikin ya fi yawa a ƙafa, domin na'ura abin da aka kai mata kawai take aunawa.

Ɗauki gonar dankalin Turawa mai hekta ɗaya a wajen Mangu, mita 100 kowane gefe. Kafin shebur ya taɓa ƙasa sai mun zagaya ta da mai ita. Idan rabinta na tudu jar ƙasa ce mai tsakuwa, na gangare kuma baƙa mai riƙe ruwa, to gona biyu ce a wurinmu, samfuri biyu. A nan ciniki ke tashi. Mai gona zai ce: "Haba Malam, ai gonar ɗaya ce, a haɗa mana." In aka haɗa, sakamakon zai faɗi a tsakiya, bai dace da tudu ba, bai dace da gangare ba, sai a sayi takin da ba ɓangaren da ya nema.

Kowane rabi yanzu mita 50 ne a faɗi, 100 a tsawo. Muna barin kamar taku biyar daga iyaka, sannan mu ratsa faɗin a karkace zuwa ɗaya gefen, mu juyo a karkace, kamar tafiyar maciji, har sau biyar. A kowace ratsa a tsaya sau uku, kusan bayan taku 20, ya zama rami 15. Dalilin karkacewar shi ne kunyoyin gona. Taki a kan kunya ake zuba shi, layi-layi, wanda ya bi kunya ɗaya miƙe zai yi ta ɗibar abin da aka zuba wa layin nan ne kawai bara. Ƙirga taku kuma yana hana ido zaɓe, don mutum in an bar shi sai ya nufi inda ƙasa ta fi laushi. In kunyoyin bara na nan tsaye, muna ɗiba daga tsakiyar gefen kunya a dukkan ramukan, ba wani a ƙoli wani a kwari ba.

Akwai wuraren da ko ƙirge ya faɗa kansu muke matsawa gaba taku uku: suri, gindin bishiya, turba, tsohon mashekarin shanu, tudun da haƙar kuza ta bari, da inda aka jibge taki ko toka. Tokar nan ce ta fi ɓata samfuri a Jos, inda masu lambu suka saba zuba tokar bola. Ƙasar Filato ta fi karkata ga tsami, toka kuwa tana kashe tsami, tana ƙara fotash. Masu aikin arha da ke tsayawa a bakin gona su tona rami uku, in ɗaya ya faɗa kan toka, kashi ɗaya cikin uku na samfurin toka ce ke magana. Takarda za ta ce ƙasa lafiya lau, amfanin gona kuma ya ƙi. Irin wannan aikin ne ke sa manoma su ce gwajin ƙasa damfara ce.

A kowane wuri a share ciyawa da ganye ba tare da an kankare ƙasar ba. A tona rami mai siffar V, zurfin santimita 20, a yanko yanki mai kaurin yatsu biyu daga bangonsa, tun daga sama har ƙasa. A sa wuƙa a zubar da gefe da gefe, a bar tsiri mai faɗi iri ɗaya daga sama zuwa gindi. A wannan gyaran ne gwani ke bambanta da ɗan koyo, domin yankin da ya fi kauri a sama ya ɗauko ƙasar sama fiye da kima, kuma can ne fosfaras da ruɓaɓɓen ganye suka fi taruwa. Duk tsirin su zama daidai da juna.

Bokitin roba mai tsabta muke amfani da shi. Na ƙarfe mai rufin zink yana iya ƙara zink a sakamako, tsohon buhun taki kuwa ba ya ko shiga motarmu. A murtsuke ɓurɓushi, a tsince duwatsu da saiwoyi, a cakuɗa sosai, a baje a kan leda, a raba huɗu, a zubar da kashi biyu masu kallon juna, a sake cakuɗa sauran, har ya rage rabin kilo. In da danshi a shanya a inuwa, ba a rana ko kusa da wuta ba.

Takarda biyu ake rubutawa da fensir, don biro na narkewa da laima, ɗaya a cikin leda, ɗaya a waje: sunan gona, tudu ko gangare, zurfi, kwanan wata, abin da aka noma bara da wanda za a noma. Ga mai noman damina, a kira mu a Fabrairu ko farkon Maris, kafin a zuba taki, don sakamako ya riga ruwan Afrilu isowa.