Gadar da na tura kafin shayina ya huce

Da daminar bara ina zaune wajen mai shayi, sai wani hoto ya faɗo a gurup ɗin unguwarmu na WhatsApp: gada ta rufta, ruwa na malala ta tsakiyarta, an rubuta cewa aikin gwamnanmu ne wanda ko shekara bai yi ba. Ni kuwa ban zaɓi gwamnan nan ba, kowa a majalisarmu ya sani. Kafin shayina ya huce na tura hoton gurup uku, har da ƙarin "ai dama mun faɗa".

Da la'asar ƙanena ya same ni. "Yaya, ka duba lambar motar da ke gefen gadar nan, ai ba irin tamu ba ce." Ya saka hoton a Google Lens a gabana, sai ga shi a shafukan wata ƙasa, an buga shi shekaru da suka wuce. A saman saƙon ma akwai tambarin nan na "Forwarded many times", wato an yi ta tura shi sau da yawa, na gan shi da idona na wuce.

Kunyar da sauƙi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a makon nan ɗin an turo bidiyon da ke zargin ɗan takarar da nake so da rabon kuɗi, na kwashe kusan rabin awa ina tankaɗe da rairaya. Na nemi wanda ya fara sakinsa, na saurari karin harshen masu magana, na ƙura wa fastocin da ke bango ido don in gane ko na wane zaɓe ne. Ashe na iya bincike sarai. Sai dai ba na ɗaukar rariyar sai labari ya taɓa nawa.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gwada wannan. A 1979, a Jami'ar Stanford, Charles Lord da Lee Ross da Mark Lepper sun tara ɗalibai 48, rabi na goyon bayan hukuncin kisa, rabi na adawa da shi. Aka ba kowa rahotanni biyu da aka ƙirƙira, ɗaya na cewa hukuncin na rage kisan kai, ɗaya na cewa ba ya ragewa. Kowane ɓangare ya yaba wanda ya dace da ra'ayinsa, ya tono aibun ɗayan, kuma suka ce sun ƙara sakankancewa da abin da suka zo da shi. Takarda ɗaya suka karanta, kowa ya tashi da hujjarsa.

Sai na sayi ƙaramin littafi, na yi mako biyu ina bin kaina. Duk labarin da hannuna ya yi ƙaiƙayin turawa, sai in rubuta ko daɗi ya yi mini ko haushi, da kuma minti nawa na ɓata wajen dubawa. Tun kwana na huɗu asirina ya tonu: gaban duk na daɗi sifili ne. Har a Google ma tambayata kan zo da amsarta, domin "gazawar gwamna wane" nake rubutawa, ban taɓa rubuta "ayyukan gwamna wane" ba, shi kuwa abin da ka tambaya yake kawo maka.

Na gwada abokan hira da wasan da masanin halayyar ɗan Adam Peter Wason ya yi a 1960. Za ka ce lambobin 2, 4, 6 suna bin wata ƙa'ida, a kawo wasu ukun, kai kuma ka ce sun bi ko ba su bi ba. Wani ya ce 8, 10, 12, na ce sun bi. Wani ya ce 20, 22, 24, sun bi. Nan take suka yanke cewa ƙarin bibbiyu ne. Ƙa'idar kuwa kowace lamba ta fi wadda ta gabace ta girma, shi ke nan. Da wani ya gwada 1, 2, 50 da ya ji "sun bi", zatonsa ya rushe, amma kowa abin da zai gaskata shi yake kawowa.

Yanzu idan labari ya yi mini daɗi, nakan tambayi kaina abin da zan duba da a ce nawa aka zarga, in duba shi ɗin: wa ya fara saki, yaushe, ko wata kafa da ba ta ɓangarenmu ta kawo. Ban warke ba, kuma wani lokacin labarin daɗin gaskiya ne, domin gwamnan yana da laifuffukansa na haƙiƙa.

Gyaran gadar kuwa na tura shi duka gurup ukun tare da ban haƙuri. Mutum biyu suka tanka. Ɗayansu dattijo ne da nake ganin girmansa, ya rubuto: "Ɗana, ko ba wannan gadar ba ce, ai zai iya aikatawa."